Saƙon Minti Huɗu

Ni ba mai fita ba ce. Shekara talatin da wani abu ina Balan, amma in ka ce in kai ka gidan dagaci sai na tambayi hanya. Duniyata daga bakin zaure ta tsaya: turmina, kaskon tuyar ƙuli-ƙuli, da inuwar darbejiyar da ke tsakar gida. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki da kunne. Bakin dai kowa ya sani, maƙwabta har cewa suke in na fara gaisuwa a ɗora sanwa. Kunnen kuwa, daga sallamar mutum nake gane ko ya ci abinci ko bai ci ba. A aji huɗu na bar makaranta, don haka rubutun nan ma a yi haƙuri da shi.

Ɗana na fari ba zan faɗi sunansa ba, kowa ya san ba ma faɗa. Shi kaɗai ne namiji a ɗakina, ƙannensa mata biyu duk suna gidajen mazajensu. Mahaifinsu ya rasu ɗan nawa yana shekarar ƙarshe a makarantar difloma a Kano. Ya gama ya dawo gida, ya ajiye takardunsa a cikin leda a ƙarƙashin katifa, ya ɗauki fartanya. Gonar da ta zo hannunmu bayan rabon gado ba ta da girma, gero da gyaɗa muke sa mata. A gefe kuma ya yi shekara biyu yana rubuta wa wani ɗan kasuwa shigar buhuna da fitarsu a sitonsa na kasuwar Ajingi, har mutumin ya tattara ya koma birni.

A kakar da nake ba da labari, samarin garinmu suna ta shirin tafiya kudu, Fatakwal, aikin dako a kasuwa. Wasu kan dawo da damina, wasu sai dai a riƙa jin labarinsu. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ya ce mini, ba tare da ya ɗago kai ba:

"Inna, in an gama kwashe gyaɗa ban samu komai ba, zan bi su."

Na ce, "Ka bi su ina? Kai da ko zazzaɓi ka yi sai na dama maka kunu?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na ji.

Sai ga wannan aikin ya fito. Wani kamfani ne a Kano mai sayen gyaɗa da riɗi, zai buɗe sito a Gaya, yana neman magatakarda, mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya kuma riƙa kiran direbobi da dillalai a waya. Gaya fa! Ya hau mashin da safe, ya dawo ya ci tuwona da yamma. Ya tura takardunsa ta waya ranar Litinin. Ranar Laraba da hantsi wayar ta yi ƙara, ya duba, na ga ya miƙe tsaye kamar wanda baƙo ya shigo masa.

Matar da kamfanin ya sa ta tace masu nema ce ta aiko da saƙon murya. Ya kunna mini. Har yau ina iya maimaita shi. Ta ce takardunsa sun tsallake matakin farko. Ta ce kada a kira ta, ba ta ɗaukar kira. Kowa ya aiko mata da saƙon murya ɗaya tak, kada ya wuce minti ɗaya, ya faɗi sunansa, da aikin da yake nema, da abin da ya iya, da lokacin da zai iya farawa. Kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Wanda ya turo biyu za ta cire shi. Shi ke nan, ƙit, ta kashe.

Na ce ya sake kunnawa. Na kasa kunne. A bayan muryarta akwai fanka mai kaɗa takardu, akwai wata wayar tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ja numfashi kafin ta ce "Alhamis", irin numfashin macen da ta wuni a zaune bayanta na ciwo.

Na ce, "Wannan baiwar Allah ta gaji. Kuma babu wanda ya ce mata sannu."

Ya ce, "Inna, aikinta ke nan."

Ya yago takarda daga tsohon littafinsa na sito, ya zauna a kan turmi yana rubutu yana gogewa har azahar. Sannan ya karanta mini. Ga abin da ya rubuta, sai sunan da zan tsallake:

"Assalamu alaikum Hajiya. Sunana wane, daga Balan a ƙaramar hukumar Gaya. Ina magana ne kan aikin magatakardan sito na Gaya, wanda na turo takarduna ranar Litinin. Ina da difloma a harkar kasuwanci, kuma na yi shekara biyu ina rubuta shigar buhuna da fitarsu a wani sito a kasuwar Ajingi. Na san dillalan yankin nan da direbobinsu. Zan iya fara aiki ko gobe. Ana samuna a wannan lambar daga safe har magariba. Na gode."

Ya ce ya auna da agogon wayar, daƙiƙa talatin da biyar. A lokacin ban ce komai a kan maganar ba, don hankalina yana kan muryarsa.

Ya nuna mini yadda abin yake. Akwai ɗan hoton makirfo a ƙasa, ka danna ka ja shi sama ya kulle, ka yi maganarka, ka tsayar, ka saurara. In bai yi maka ba ka jefa a kwandon shara, in ya yi ka tura. Muka shiga gwaji. Na farko, akuyata ta sa baki a tsakiya. Na biyu, injin niƙan maƙwabta ya tashi. Muka koma ɗaki muka sako labule. A nan kunnena ya yi aiki.

"Ka haɗiye sunanka. Wa zai ɗauki mutumin da ba a ji sunansa ba?"

Ya sake.

"Yanzu kuma gudu kake kamar an biyo ka. Ka tsaya bayan 'Ajingi', ka bar ta ta ji."

Ya sake.

"Ka matsar da wayar daga bakinka, hucinka na bugunta. Kuma ka daina karantawa. Ana jin mai karatu daban, mai magana daban. Ka haddace, ka kife takardar."

Duk abin da na faɗa, in ya saurara sai ya tarar haka ne. Ya dube ni ya ce, "Inna, da kin yi boko da a gidan rediyo za ki ƙare."

"Da na ƙare da su dai. Wa zai samu fili ya yi magana?"

Wajen la'asar ya ɗauki wani da ya fita tas. Murya a zaune, suna a fili, babu in'ina. Da a lokacin ya tura, da ban zauna rubuta wannan ba. Amma batirin ya yi ja, ga sabis a gidanmu sai ka fita bayan gari. Ya ce gobe da safe zai kai caji, ya sake ɗauka da sabuwar murya, ya tura. Wannan jinkirin shi ya ba ni lokacin tunani.

Ina tuyar ƙuli washegari abin yana ta juya mini. Na tuna yadda mahaifinsa yake yi in zai nemi wani abu wurin babba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida mutum da gajiya, da iyali, da sanyi, da haƙurin jama'a. Sai an ce masa "lafiya dai?" sau biyu kafin ya taɓo abin da ya kawo shi, shi ma ta gefe. Mu haka muka tashi. Ko aron rariya za ki je, ba kya faɗa a tsaye. To ga ɗana zai tsaya gaban matar da ke riƙe da abincinsa, daga sallama sai sunana wane, ina da kaza, na san kaza, kamar mai shela a kasuwa. Na ji kunya ta kama ni tun kafin ya tura. Na ce a raina za ta ce wannan ba shi da uwa ne?

Ya dawo daga caji bayan azahar, don wutar mai cajin ta yi gardama. Ya shiga ɗaki zai ɗauka, na bi shi.

"Tsaya. Wannan maganar taka tsirara take."

"Tsirara kamar yaya, Inna?"

"Ba gaisuwa, ba addu'a. Kuma sai yabon kai. Mutum shi ke faɗin ya iya? Bari ake a faɗa masa."

"Ita ta ce a faɗi abin da aka iya. Kuma ta ce kada ya wuce minti ɗaya."

A nan na faɗi maganar da har gobe take ƙona ni. Na faɗe ta da zuciya ɗaya, don na yarda da ita.

"Minti ɗayan ai na magana ne. Gaisuwa ana ƙirga ta? Ka taɓa jin an ce wane ya daɗe yana gaisuwa, a cire masa a lokacinsa?"

"Inna, waya ba ta san gaisuwa ba. Lamba kawai take nunawa."

"Waya ce za ta ɗauke ka aiki ko mutum? Na ji matar nan da kunnena. Kowa zai zo mata da ba ni, ba ni. Kai kaɗai za ka ce mata ya gajiya. Kai za ta tuna."

Ya riƙa juya takardar a hannu. Na san halin nan, na mai neman hanyar da zai ƙi ba tare da ya ce a'a ba. Sai na ɗauko abin da uwa take ɗaukowa in ta rasa hujja.

"To shi ke nan. Ku ne 'yan boko. Je ka yi yadda ka ga dama, a ce ɗan marigayi bai iya gaida mutane ba."

Na juya zan fita. Ya ce, "Inna, dawo. Faɗa mini yadda zan ce."

Na zauna a bakin gado na tsara masa. Sallama cikakkiya. Ina wuni Hajiya, ya aiki, ya gajiya, ya iyali, ya maigida da yara, ya haƙuri da mu. Allah ya ƙara girma, Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, Allah ya jiƙan magabata. Sannan ya faɗi ko ɗan waye shi, ya ce mahaifinsa ya rasu, ya ce shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Ya nemi afuwa kan damun ta da ya yi. Sai ya zo kan aikin a hankali, ya ce ba wai ya fi kowa ba ne, amma ya ɗan taɓa. Ya rufe da addu'a, ya ce mahaifiyarsa ma tana gaishe ta.

Ya ɗauka sau uku. A na ukun muryarsa ta yi laushi, ta yi ladabi, har na ji ƙwalla, don sak muryar mahaifinsa. Sunansa bai fito ba sai da aka yi nisa. Ya dubi wayar ya ce, "Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya."

Na ce, "Allah ya sa albarka. Tura."

Ya fita bayan gari wajen sabis, uku da rabi ta wuce. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Daga baya na sha tambayar kaina me ya hana shi, yana can shi kaɗai a gindin kuka, ya goge nawa ya ɗauki nasa. Da ya yi hakan, da ban taɓa sani ba. Amma ba haka na raine shi ba.

Da ya dawo ya koya mini alamomin. Ƙaramin maki ɗaya, saƙo ya tafi. Biyu, ya isa wayarta. In sun zama shuɗi, ta buɗe wurin hirarku ta gani. Shi kuma ɗan makirfon da ke jikin saƙon, sai ta kunna ta saurara yake zama shuɗi. Ranar Juma'a da safe makin biyu suka zama shuɗi. Na yi guɗa a tsakar gida har kaji suka watse.

Ya ce, "Makirfon bai canza ba tukuna."

"Tana ajiye naka ne sai ta natsu."

Asabar bai canza ba. Lahadi na ce ai hutu ne. Litinin na ce ya tura mata gajeren, ya ce ta riga ta faɗa, mai biyu za ta cire shi, kuma lokacin ma ya wuce. Daga nan ya daina nuna mini wayar. In na tambaya sai ya ce, "Ana nan ana jira, Inna." Yana fita bayan gari sau huɗu, sau biyar a rana, ya dawo ya ɗauki buhun gyaɗa ya ci gaba da ɓara. Ranar da ta cika kwana goma ya ce mini, "Ba rabo, Inna. An ɗauki wani." Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ƙara da cewa wannan mata ba ta san mutunci ba.

Wanin da aka ɗauka abokinsa ne, ɗan Gafasa, tare suka yi makaranta. Yaron kirki ne, ya zo har gida don kada ɗana ya ji a bakin wasu. Suka zauna a zaure da rana, na aika musu da fura. Ina bayan katanga ina tankaɗe. Sun rage murya, amma sun manta kunnen wa ke gidan.

Ɗan Gafasan yake cewa, "Da muka je ganawa ta faɗa mana da bakinta. Ta ce saƙonnin sun yi mata yawa, don haka ba ta fara kunna ko ɗaya ba sai da ta bi ta duba tsawonsu. Ai lambar tana jiki tun kafin ka kunna. Duk wanda ya haura minti ɗaya ta wuce shi. Ta ce gwajin ke nan. Wanda aka ce minti ɗaya ya yi uku, gobe in an ce ya kira direba ya ce masa mota ta cika, sai ya tsaya tambayar iyali. Mutumina, kai nawa ka yi?"

Ɗana ya ce:

"Huɗu."

"Huɗu! Wa'azi ka yi mata? Kai da ka fi mu duka sanin sito? Wallahi ni ko auna buhu kai ka koya mini. Me ya kai ka?"

Rariyar ta tsaya a hannuna. Na jira ya ce Inna ce.

Ya ce, "Tsautsayi ne. Baki ne ya zarce."

Na zauna a ƙasa a wurin, garin yana zuba a zanina. Ashe ba ƙin gaisuwar ta yi ba. Ba ta ma ji ta ba. Ya gajiya, ya maigida da yara, Allah ya jiƙan magabata, gaisuwar da na aika mata ni kaina, duk suna can a rufe a cikin wayarta, ko sallamar ba ta buɗe ba. Gajiyar da na ji a muryarta gaskiya ce, kunnena bai yi ƙarya ba. Ni ce ban gane cewa mai irin wannan gajiyar, sannun da take so shi ne a taƙaita mata ba.

Da baƙon ya tafi, ya shigo da kwanon furar. Na ce, "Na ji."

"Kin ji me?"

"Kada ka mai da ni kurma yau."

Ya ajiye kwanon, ya tsuguna a gabana. "Inna, da ma can ba lallai a ɗauke ni ba. Masu nema da yawa."

"Amma da an ji ka."

Ya sa hannu ya kakkaɓe mini garin da ke zanina. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Aka gama kwashe gyaɗa. Ranar kasuwar Ajingi ya sayar da buhu biyu, ya dawo da wata tsohuwar waya mai shafawa, ya zauna ya koya mini danna makirfon har na iya. Bayan kwana uku shi da samarin garinmu suka hau mota zuwa Kano, daga can kudu. Na raka shi iyakar bakin zaure, inda duniyata ta tsaya. Ni da ba a raba ni da magana, abin da ya fito mini kawai shi ne Allah ya tsare.

Damina biyu ke nan bai zo ba. Ya ce in ya taso wani zai maye gurbinsa. Siton Gaya yana nan yana aiki, in motocinsu sun wuce ta bakin titi ina jin su daga tsakar gida, na san ƙarar wadda ta ɗauko kaya da wadda ta tafi wayam.

Yana aiko mini da saƙo, ba ya wuce daƙiƙa ashirin. "Inna, ina wuni. Lafiya lau nake. A gaida kowa." Ina kunnawa sau goma. A bayan muryarsa ina jin hon ɗin manyan motoci da wani yare da ban sani ba, ina jin tarin da yake dannewa kafin ya ce lafiya lau, ina jin ranar da ya ci da ranar da bai ci ba. Ba na faɗa masa na ji.

Nawa kuwa, da farko minti biyar nake yi, shida. In lallaɓa bayan gari da mayafi, ni da ba na fita, in tura, in tsaya ina kallon makirfon. Wani lokaci ya kwana uku bai zama shuɗi ba. Ban zarge shi ba. Mai ɗauke da buhu a ka tun asuba, ina zai samu minti shida?

Yanzu na koya. Takardar nan tasa tana ƙarƙashin katifata, ita na duba na tsara nawa a bayanta da rubutuna mai karkata. In shiga ɗaki, in sako labule, in ɗaure akuya nesa, in matsar da wayar daga bakina. "Kai, ni ce. Muna lafiya. Gero ya yi. Ka sha magani saboda sanyi. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci. Allah ya yi maka albarka." Daƙiƙa goma sha takwas. Sauran maganar, wadda ta fi yawa, in faɗa wa turmi.

Na ranar Talata har yanzu makirfon bai canza ba. Yau Alhamis. Anjima in rana ta yi sanyi zan sake fita in duba.